Yadda za ka goge bakof ɗin tsohuwar waya ba tare da ka goge abin da kake so ba

Watan jiya Yayata ta kira ni wai Gmail ɗinta na ta nuna mata gargaɗi cewa wuri ya kusa cika, kuma WhatsApp ya daina yin bakof, kullum ya fara sai ya tsaya. Tela ce, hotunan ɗinki da na ankon biki su ne jarinta, kwastoma na turo mata sitayil ita ma tana turawa. Ta sauya waya kamar sati uku kafin nan, daga Infinix Hot 8 ta koma Samsung A14, toh ita a tunaninta tsohuwar wayar ce ta bar kaya a can sama suka cinye wurin. Ta ce min, "Kai dai zo ka goge min duk wani abu na tsohuwar wayar nan in huta." Da na bi maganarta yadda ta faɗa da bakof ɗin hirarta ta shekara huɗu da hotunan nan duk sun tafi, saboda abin da mutane ke kira bakof ɗin tsohuwar waya ba abu ɗaya ba ne, abu uku ne da suke zaune a asusun Google ɗaya, kuma a cikin ukun nan ɗaya ne kawai na tsohuwar wayar.

Na farko shi ne bakof ɗin wayar ita kanta, wanda Android ke yi: jerin manhajojin da ka sauke da ɗan bayanansu, tarihin kira, saƙonnin tes, saitin waya, da lambobin da aka ajiye a kan waya ko sim. Wannan na waya ne, kowace waya da nata, shi ne za ka goge. Na biyu bakof ɗin WhatsApp, shi kuma ba ruwansa da waya, da lambar layinka yake ɗaure. In ka koma sabuwar waya da layin da kake da shi, toh bakof ɗin da kake gani a Drive shi ne dai sabuwar wayarka ke rubutawa a kai, babu wani "tsoho" da "sabo", ɗaya ne. Na uku hotuna da bidiyo na Google Photos, su kuma na asusun ne gaba ɗaya. Hoton da ka ɗauka da tsohuwar waya a 2021 ba ya cikin bakof ɗin wayar, yana Photos, in ka goge shi a can ya gogu a ko'ina.

Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Da can bakof ɗin WhatsApp ba ya shiga wannan lissafin, daga farkon 2024 ne ya fara shiga, hotuna kuma tun 1 ga Yuni 2021 sababbin da aka ɗora suke cin wuri. Shi ya sa mutane da yawa da ba su taɓa ganin gargaɗin nan ba yanzu suke gani. In wurin ya cika fal imel ba ya shigowa ba ya fita, wanda ke jiran saƙon aiki ko na makaranta wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Fara duba me ya ci wurin

Kar ka goge komai tukuna. Buɗe burauza a sabuwar wayar ka shiga nan da asusun da kake amfani da shi:

```
one.google.com/storage
```

Zai nuna maka yadda gigan nan 15 suka rabu. A na Yaya 14.6GB ne a cike. Google Photos ya ci 6.1, WhatsApp 7.2, Gmail wajen 0.9, Drive ɗan kaɗan, bakof ɗin wayoyi guda biyu a haɗe kuma 0.3 kacal, wato kamar 300MB. Na nuna mata nace Yaya kin ga abin da kike cewa in goge, ko rabin giga bai kai ba. Kusan kullum haka yake, bakof ɗin waya ƙarami ne tunda manhajojin kansu ba a ajiye su a ciki, suna kawai ake ajiyewa a sake sauko da su daga Play Store. In dan neman wuri kake yi, goge shi kaɗai ba zai maka maganin komai ba. Amma duk da haka ya kamata a goge, saboda yana ɗauke da tes ɗinka har da alat na banki da tarihin wanda ka kira, kuma ranar da za ka sake saita wata wayar kar ka zo ka zaɓi tsohon bakof bisa kuskure.

Wani abu kuma, yawancinmu muna da Gmail fiye da ɗaya, wani ma mai shagon da ya sayar maka da waya ne ya buɗe maka. In ka shiga ba ka ga bakof ɗin tsohuwar wayar ba, ba lallai ya ɓace ba, wataƙila yana ɗayan asusun. Taɓa hotonka a saman dama ka sauya asusu ka sake dubawa.

Tabbatar sabuwar wayar ta karɓi kayanta

Nan ne zan ɗan daɗe, dan in an yi ɓarna a nan ake yinta. Bakof ɗin waya in ka goge ba ya zuwa kwandon shara kamar fayil ɗin Drive da ke zama kwana 30, shi daga ka danna ya tafi kenan. Kuma ba za ka iya buɗe shi ka karanta abin da ke ciki ba, in ka taɓa shi a Drive iyaka ya nuna maka rukuni rukuni kamar Apps da Call history da SMS da ranar da aka yi na ƙarshe. Dawo da shi gaba ɗaya kuma sai a lokacin saita waya daga farko, wato ranar da aka kunna ta sabuwa ta tambaye ka ko za ka kwafo bayanai. Masu shago da yawa Skip suke dannawa a wurin nan dan su sallame ka da sauri. In haka aka yi maka, tes ɗinka da tarihin kira ba su zo ba, suna can cikin bakof ɗin, kuma hanyar dawo da su ita ce a yi wa sabuwar wayar fomatin a sake saita ta. Sai ka auna, in tes ɗin ba su dame ka ba ka wuce, in akwai abin da kake buƙata kamar shaidar tura kuɗi toh ka yi wannan aikin kafin ka goge.

Lambobi su ne abin da mutane suka fi kuka a kai. Shiga contacts.google.com ka ga nawa ne a can, sannan ka kwatanta da na tsohuwar waya in tana hannunka. Na Yaya a tsohuwar waya 812 ne, a asusun Google kuma 640. Ina sauran 172? A kan wayar aka ajiye su, wato lokacin sebin an zaɓi Phone maimakon Gmail ɗinta, wasu kuma a sim. Waɗannan ba sa bin asusu, kuma cikinsu har da mai kawo mata zare da kwastomomin Sallah. Da yake tsohuwar wayar na nan sai na shiga Contacts ɗinta na yi Export zuwa fayil mai ƙarewa da .vcf, na tura sabuwar na yi Import na zaɓi asusun Google ya zama mazauninsu. In wayar ta ɓace ko ta mutu, akwai Restore contacts a cikin manhajar Contacts ta Google, yana iya zaro lambobin daga bakof ɗin tsohuwar waya ba sai an yi fomatin ba. Ka ga kenan in ka riga ka goge bakof ɗin wannan ƙofar ta rufe.

Bayan lambobi buɗe WhatsApp ka zaɓi mutum biyu ko uku da ka daɗe kana hira da su, ka yi sama sosai ka ga ko tsoffin saƙonni suna nan, ka kunna wani tsohon saƙon murya ka ji ko yana yi. Sai Google Photos, ka gangara zuwa shekarun baya. A nan akwai tarko ɗaya: Photos ba ya ɗora kowane folda da kansa, na kamara yake ɗorawa, amma irin su Screenshots da Download da abin da aka turo maka ta Xender sai in ka kunna musu. Waɗannan ba sa cikin kowane bakof, suna kan tsohuwar waya ko memori kad, sai ka kwashe su da hannu. Haka in kana da Google Authenticator ko manhajar banki, ka tabbatar sun buɗe a sabuwar waya kafin ka rabu da tsohuwar.

Na ƙarshe a wannan matakin, sa sabuwar wayar ta yi nata bakof ɗin. Settings, Google, Backup, sai Back up now. A wasu wayoyin sai ka fara taɓa All services kafin ka ga Backup, a wasu yana ƙarƙashin System, in ka rasa rubuta backup a wurin bincike na Settings. Ka jira ya gama ya nuna ranar yau.

Goge na tsohuwar wayar

In tsohuwar wayar na hannunka kuma tana kunnuwa, daga kanta za ka fara. Dalili kuwa in ka goge bakof ɗin daga Drive alhali ita tana nan da asusunka a kai, daren da aka jona ta a caji ta samu Wi-Fi za ta sake yin wani, ka wayi gari ka ga abin da ka goge ya dawo ka ɗauka aljanu ne. Shiga Settings, Google, Backup a tsohuwar, ka kashe makunnin. Zai gargaɗe ka cewa kashewar za ta goge bakof ɗin wannan wayar, ka amince, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya kenan. Hotunan da ke Google Photos wannan ba ya taɓa su.

In kuma an sace ta ko ta faɗa ruwa ko ka riga ka sayar, sai ka bi ta Drive. Buɗe manhajar Google Drive a sabuwar waya, taɓa layuka ukun nan na saman hagu, zaɓi Backups. A kwamfuta ko burauza kuma:

```
drive.google.com/drive/backups
```

In a burauzar waya kake ya ƙi buɗewa yana ta jefa ka cikin manhaja, kunna Desktop site a Chrome. Za ka ga jerin duk bakof ɗin da ke asusun, na wayoyi da na WhatsApp a haɗe wuri ɗaya, kuma wannan haɗin shi ke ruɗa mutane.

Sau da yawa ba sunan da ka san wayar da shi za ka gani ba, lambar modal ce. Infinix Hot 8 ɗin Yaya X650C aka rubuta, Samsung A14 kuma SM-A145F. Kar ka yi cinke. A sabuwar wayar shiga Settings, About phone, ka ga lambar modal ɗinta, ka rubuta a takarda, wannan shi ne wanda ba za ka taɓa ba. Wahalar ta fi yawa in wayoyin iri ɗaya ne, misali an sace maka Spark ka sake sayen irinta sak, sunan zai zo iri ɗaya sau biyu. A nan kwanan wata ne zai raba gardama, shi ya sa nace ka yi Back up now kafin ka zo, wanda ya nuna yau shi ne na sabuwa, wanda ya tsaya tun sati uku shi ne tsohon. Wata alamar kuma, in waya ta yi kamar sati biyu ba a amfani da ita Google kan rubuta ranar ƙarewa a ƙasan bakof ɗinta, wani abu mai kama da Expires in da adadin kwanaki.

Ka gane shi, sai ka taɓa ɗigo ukun da ke gefensa, Delete backup, ya sake tambayarka, ka sake karanta sunan sau ɗaya sannan ka danna Delete. Shi kenan.

Gaskiya ma ko ba ka goge ba, waya in ta yi kwana 57 ba a yi amfani da ita ba Google na share bakof ɗinta da kansa, banda hotuna da bidiyo. Wannan abu biyu yake nufi. In ba ka da matsalar wuri kuma kana shakka, ka bar shi, zai tafi da kansa. Amma in akwai abin da kake son cirowa a ciki, kar ka ce sai bayan Sallah, agogo na tafiya tun ranar da wayar ta mutu.

WhatsApp, inda gigan suke

Bayan na goge na Infinix ɗin Yaya wajen 180MB kawai muka samu, daga 14.6 muka dawo 14.4. Ta kalle ni ta ce shi kenan? Nace ki bari mu zo kan babban.

A jerin Backups ɗinta akwai WhatsApp guda biyu, kowanne da lambar waya a jikin sunansa, farawa da 234 ba tare da sifirin farko ba. Ɗaya na layin da take kai yanzu, 2.4GB, an yi shi kwana tara da suka wuce kafin wuri ya ƙare. Ɗayan na tsohon layinta ne da ta bari wata uku baya, 4.8GB, dan a lokacin Include videos a kunne yake duk bidiyon biki da na guruf ɗin 'yan ajinsu sun hau. Ta yi amfani da Change number lokacin da ta sauya layi, hirarrakinta suka biyo ta sabuwar lamba, amma tsohon bakof ɗin ya zauna a can ƙarƙashin tsohuwar lamba ba mai taɓa shi.

Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, karanta lambar da ke jikin sunan har ƙarshe. In lambar da kake WhatsApp da ita ce yanzu, bar shi, ko da kuwa tsohuwar waya ce ta fara yin sa. In kana da WhatsApp Business shi ma nasa daban yake, kar ka ga WhatsApp biyu ka ce ai ɗaya maimaici ne. Wanda za ka goge shi ne na lambar da ka daina amfani da ita, shi ma sai ka tambayi kanka: hirar wannan lambar ta biyo ni, ko kuwa sabon WhatsApp na buɗe da sabon layi na bar waccan? In na biyun ne kuma layin na hannunka, kana iya sa shi a wata waya ka dawo da hirar ka kwashi abin da kake so. In layin ya tafi, kamfani ya rufe ko ya ba wani, toh bakof ɗin ba shi da sauran amfani a wurinka, dan ba ya buɗuwa sai an tantance lambar da kod ɗin da ake turowa layin. Mun duba na Yaya muka ga tsoffin hirarraki suna nan a sabuwar waya, na goge na tsohon layin ta hanya ɗaya da ɗazu, ɗigo uku, Delete backup. Lissafi ya sauko 9.6GB. Bai sauka nan take ba, sai da aka ɗan jima, wani lokacin ma yakan kai washegari, kar ka ga bai motsa ba ka shiga goge wasu abubuwan.

Daga nan na shiga WhatsApp ɗinta, Settings, Chats, Chat backup, na tabbatar Gmail ɗin da ke wurin shi ne nata na yanzu, na bar Include videos a kashe, na danna Back up. Ya tafi lafiya.

Akwai kuskure ɗaya a nan da ya taɓa cin ni kaina shekarun baya. Na sa WhatsApp a sabuwar waya, ya ce ya ga bakof in yi Restore, datata ba ta da yawa sai na tsallake nace anjima. Ba a sake tambayata ba, kuma da wayar ta yi nata bakof ɗin sai ta rubuta hirar kwana ɗaya a kan ta shekaru, dan WhatsApp kwafi ɗaya yake ajiyewa a Drive, sabo na danne tsoho. Saboda haka in ka buɗe sabuwar waya ka ga WhatsApp wayam, kar ka bari ya yi bakof, kar kuma ka goge komai a Drive, cire manhajar ka sake saukewa ka tantance lamba ka danna Restore wannan karon. In kuma ka kunna End-to-end encrypted backup da fasuwod, ka tabbatar kana tune da shi, wanda ya manta babu mai buɗe masa, har su kamfanin.

To in bakof ɗin lambarka ta yanzu ne ya yi ƙato fa? Ba gogewa za ka fara ba. Kashe Include videos, shiga Settings, Storage and data, Manage storage ka share manyan bidiyon da aka yi ta turowa, sannan ka yi Back up, sabon ƙaramin zai maye gurbin babban.

Hotuna: nan hannu ke zamewa

Yaya ta ce toh tunda an fara a rage hotunan ma, ai suna tsohuwar waya. Nace a'a, tsaya. In ka buɗe Google Photos a sabuwar waya ka ga hotunan da, ba wai suna kan wayar ba ne, daga asusun ake nuna maka su. Ka danna kwandon shara sun fita daga asusun, kuma in tsohuwar waya na jone da asusun ita ma za su iya fita daga kanta. Sa'ar da ake da ita a nan ita ce akwai Trash, ko Bin a wasu wayoyin, hoton da aka riga aka ɗora yana zama kwana 60 kafin ya tafi har abada, kana iya dawo da shi.

Mutane kuma na rikita wannan da Free up space. Shi Free up space kwafin da ke kan waya yake sharewa ya bar na asusu, wato wurin waya yake buɗewa, gigan Google ko ɗaya ba ya ragewa. In ka yi shi a tsohuwar waya a baya, toh hotunan nan yanzu a asusun kaɗai suke, babu wani kwafi a ko'ina.

In dole sai ka rage, a shafin nan na one.google.com/storage akwai wurin tsaftacewa da ke jero maka manyan bidiyo da hotuna masu dishi-dishi da sikirinshot. Fara da manyan bidiyo, guda goma kan fi hoto dubu nauyi. Wanda kake so ka sauko da shi kan kwamfuta ko filash tukuna, ka buɗe ka ga yana yi, sannan ka goge. Mu dai a na Yaya ba mu taɓa hoto ko ɗaya ba, giga biyar da ɗoriya da suka buɗe sun ishe ta.

Cire asusun daga tsohuwar waya

Wayar za ta koma hannun ɗanta, dan haka akwai sauran aiki. A tsohuwar waya shiga Settings, Accounts, zaɓi Gmail ɗin, Remove account, sannan ka yi Factory reset, a jere haka. In aka yi fomatin ta maɓallan gefe asusun na kai, wayar za ta kulle tana neman tsohon Gmail da fasuwod, abin da masu gyara ke kira FRP, sai wanda ka ba ya dawo yana nemanka ko ya biya a cire masa. In kuma ka ba yaro waya da asusunka a kai ba fomatin, ranar da ya ga hotuna sun cika masa waya ya shiga gogewa, naka yake gogewa. Cire sim da memori kad kafin ta bar hannunka.

In wayar ba ta hannunka, shiga myaccount.google.com, Security, Your devices, Manage all devices, zaɓi tsohuwar ka danna Sign out. Wannan daban yake da goge bakof, ɗaya ba ya yin aikin ɗaya. In sace ta aka yi, fara gwada goge ta daga nesa ta android.com/find kafin ka yi Sign out, sannan ka sauya fasuwod.

Masu iPhone da Samsung

A iPhone labarin ya sha bamban ta fuska ɗaya: iCloud 5GB kawai yake bayarwa kyauta, kuma bakof ɗin iPhone babba ne, yana iya cinye giga uku ko huɗu shi kaɗai, musamman in iCloud Photos a kashe yake dan a lokacin hotunan a cikin bakof ɗin suke shiga. Saboda haka a nan goge tsohon na buɗe wuri sosai, sau da yawa ma shi ne ke hana sabuwar wayar yin nata. Amma hakan na nufin sai ka ƙara duba hotunanka sun iso sabuwar waya kafin ka taɓa shi. Shiga Settings, taɓa sunanka a sama, iCloud, iCloud Backup, za ka ga jerin na'urori a ƙasa. A tsoffin iOS ta Manage Storage sannan Backups ake bi. Matsalar suna a nan ta fi muni dan in ka dawo da bakof sabuwar waya na ɗaukar sunan tsohuwar, sai ka ga suna ɗaya sau biyu. Wanda aka rubuta This iPhone a ƙasansa shi ne na hannunka. Taɓa ɗayan, duba ranar bakof na ƙarshe da girmansa, sai Turn Off and Delete from iCloud, ko Delete Backup a tsoffin. Apple na riƙe bakof kwana 180 bayan an daina yin sa. WhatsApp a iPhone ma da lamba yake tafiya kuma ajiyarsa daban take a cikin iCloud, kar ka shiga jerin manhajoji ka goge bayanansa da sunan tsaftacewa. Kafin ka sayar da tsohuwar kuma ka yi Sign Out na asusunka na Apple a kanta.

Wanda ya baro Samsung ko Redmi, akwai yiwuwar wani bakof ɗin na zaune a Samsung Cloud ko Xiaomi Cloud, wannan ba ya cikin gigan Google kuma ba za ka gan shi a Drive ba, da asusun kamfanin ake shiga a goge shi. A Samsung yana Settings, Accounts and backup. Yaya ba ta da wannan tunda daga Infinix ta fito, ni dai na rubuta mata Gmail ɗinta da lambar modal ɗin sabuwar wayar a bayan littafin awon kwastomominta, ta sallame ni da kwanon ɗanwake.